Odita Uku, Sassa Talatin: Yadda Ake Zaɓen Abin da Za a Bincika a Shekara

Duk kamfani ko ma'aikatar da ta ɗan tasa tana da wani ofishi da ma'aikata ba sa murnar ganin takardarsa, wato ofishin oditan cikin gida. Aikinsa daban yake da na oditocin waje, waɗanda suke zuwa sau ɗaya a shekara su duba lissafin kuɗi su sa hannu su tafi. Oditan cikin gida ma'aikacin gidan ne, yana nan kullum, kuma abin da ake so daga gare shi shi ne ya gaya wa hukumar daraktoci ko matakan da aka kafa don kare dukiya da aikin kamfanin suna aiki da gaske, ko kuwa a takarda kawai suke. Matsalar ita ce wannan ofishi kusan kullum shi ne mafi ƙarancin mutane. Kamfani mai ma'aikata ɗari huɗu sai ka tarar oditocinsa uku ne, wani wurin ma biyu. A ƙarshen kowace shekara kuma dole shugaban ofishin ya kai wa kwamitin bincike na hukumar daraktoci tsarin abin da zai bincika a shekara mai zuwa.

Hanyar da aka gada ita ce a ɗauko tsarin bara a sauya masa kwanan wata, ko a bi sassa ɗaya bayan ɗaya, kowa a ba shi mako biyu don kada wani manaja ya ce an sa masa ido. Da haka ne za ka ga odita ya kwashe kwanaki yana ƙirga kuɗin kashewa na ofis da ba su kai naira dubu ɗari biyu ba, alhali can bakin ƙofa ana auna kayan biliyoyin naira ba wanda ya taɓa leƙawa. Ƙirga kuɗin akwati yana da sauƙi, kuma ba ya ɓata wa babba rai. Shi ya sa yake yawan shiga tsari.

Ƙa'idar sana'ar ta daɗe da barin wannan hanya. Cibiyar Oditocin Cikin Gida ta duniya, wadda aka kafa a Amurka a 1941, ta fitar da sababbin ƙa'idojinta a watan Janairun 2024, suka fara aiki a Janairun 2025. A ciki an wajabta wa shugaban ofishin bincike ya gina tsarinsa a kan rubutaccen nazarin manufofin ma'aikatar da haɗurran da ke gabanta, a yi wannan nazari aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma ya sanar da hukumar daraktoci idan ƙarancin ma'aikata ko kuɗi zai hana shi kai wa ga wani abin da ya kamata a bincika. Kundin ƙa'idojin tafiyar da kamfanoni na Najeriya na 2018 shi ma ya tafi a kan bincike mai bin inda haɗari yake. Faɗar hakan ba wuya. Yadda mutum uku za su aikata shi ne abin dubawa, kuma zai fi fitowa fili idan muka ɗauki misali guda muka bi shi daki-daki.

Mu ƙaddara kamfanin casar shinkafa ne a wajen Kano, yana sayen shanshera tan dubu 20 a shekara daga manoman Kura da Bunkure da Haɗeja da Kebbi, yana sayar wa diloli, yana kuma ba wasu manoma iri da taki bashi su biya da shanshera idan kaka ta yi. Alƙaluman da za su biyo baya duk na misali ne. Ofishin bincikensa mutum uku ne: shugaba, da babban odita, da wani matashi da bai daɗe da fara aiki ba.

Ƙidayar kwanaki

Ni a ganina, kafin a buɗe rajistar haɗurra ma, kwanaki ya kamata a fara ƙirgawa, domin wanda ya fara da jerin haɗurra zai rubuta tsarin da mutum goma ne za su iya yinsa. Idan aka cire Asabar da Lahadi, shekara tana da ranakun aiki wajen 260. A cire hutun gwamnati kamar 12, saura 248. A cire hutun shekara kwana 20, da kwana 5 na ƙarin ilimi, da kwana 8 na rashin lafiya da rasuwa da suna da sauran uzurin ɗan Adam, kowane mutum ya tashi da kwana 215. Shugaban ofishin ba zai samu duka ya fita fili ba. Tarurrukan manajoji, da rahoton kwamiti duk wata uku, da duba aikin na ƙasa da shi, da shirya tsarin kansa, za su cinye fiye da rabi, sai a bar masa 100. Sauran biyun a cire wa kowanne kwana 15 na hidimar ofis, su tashi da ɗari bibbiyu. Jimla kwana 500.

Su ma waɗannan 500 ɗin ba a sake suke ba. Ƙidayar kayan sito da ake yi duk wata uku da ta ƙarshen shekara, wadda dole odita ya halarta, za ta ci 40. Bibiyar shawarwarin da aka bayar bara, a ga an gyara ko ba a gyara ba, wasu 40 ne, kuma wanda ya tsallake wannan ya koya wa manajoji cewa rahotonsa na ajiyewa a durowa ne. Sai a ware 75, wato kashi 15 cikin ɗari, don abin da ba a zata ba: ƙorafin da zai iso, ko buhunan da za su ɓace a tsakiyar shekara, shugaban kamfani ya ce a bar komai a duba. Wannan ajiya ita ce abin da sababbin shugabannin ofis suka fi mantawa da shi, sai ka ga zuwa watan Yuni tsarin ya riga ya wargaje.

Akwai kuma wani aiki da ya kama gindi a ƙasarmu, musamman a ma'aikatun gwamnati inda dokokin kuɗi suka tanade shi, kamfanoni da yawa kuma suka kwaikwaya: ba a biyan kowace bauca sai odita ya buga mata hatimi. A kamfaninmu wannan yana cin kwana biyu na ƙaramin oditan a kowane mako, kimanin 90 ke nan a shekara. Ba na son wannan al'ada a kamfani mai zaman kansa, kuma dalilina biyu ne. Tana mayar da odita wani ɓangare na hanyar biyan kuɗi, ta yadda gobe idan ya zo binciken biyan kuɗi hatiminsa zai tarar. Sannan tana sa akanta ya saki jiki, tunda ya san akwai mai dubawa a bayansa. Amma a yau tana nan, don haka a cire ta daga lissafi. Abin da ya rage na ainihin bincike shi ne kwana 255. Bincike guda mai ma'ana, daga shiri zuwa aikin fili zuwa rubuta rahoto da jayayya da manajan sashen a kansa, yakan ci kwana 20 zuwa 45. Ke nan bincike takwas ne kawai za a iya yi. Da shugaban ofishin ya zauna ya jera duk abin da ake iya bincikawa a kamfanin, tun daga sayen shanshera har albashi da motoci da kantin abincin ma'aikata, sai ya samu sassa 30. Tsarin shekara, idan aka duba da kyau, shawara ce ta barin 22.

Abin da rajista take faɗa da abin da take ɓoyewa

Rajistar haɗurra jadawali ne da manajojin kamfani suke cikawa. Kowane layi yana ɗauke da abin da ake tsoron ya faru, da sashen da ya shafa, da mai alhakinsa, da matakan kariyar da aka ce an kafa. Kowane haɗari ana ba shi maki biyu daga 1 zuwa 5, ɗaya na yiwuwar aukuwarsa, ɗaya na girman ɓarnarsa, sai a ninka su, mafi girma ya zama 25. Rajista mai kyau tana nuna makin sau biyu: yadda haɗarin yake idan babu wata kariya, da abin da ya rage bayan an lissafa kariyar. Ta kamfaninmu tana da layi 64.

Abin da zuciya take fara raya wa mutum shi ne ya jera su daga babba zuwa ƙarami ya ɗauki takwas na sama. Wannan kuskure ne, kuma layin farko ma ya isa ya nuna dalili. A saman rajistar, da maki 25, an rubuta sauyin manufar gwamnati kan shigo da shinkafa. Haɗari ne na gaske. Masu casa sun ga yadda rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019 ya ɗaga kasuwarsu, sun kuma ga yadda sanarwar dakatar da harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150 a Yulin 2024 ta girgiza lissafinsu. To amma me odita zai bincika a nan? Babu wani mataki a cikin kamfanin da zai hana gwamnati yanke shawara. Iyakar abin da zai iya shi ne ya duba ko akwai wanda yake bibiyar farashi, ko an sa iyaka ga yawan shansherar da za a tara a sito lokaci guda. Kwana 5 sun isa.

Layi na biyu gobarar sito ce, maki 20 kafin kariya, 20 bayanta, domin kowa ya san tankin ruwan kashe gobara ya lalace tun bara. Nan ma babu amfanin odita ya kashe kwana 30 don ya gano abin da manaja ya riga ya rubuta da hannunsa. Abin da ake bukata gyara ne, kuma gyara aikin manajoji ne. Na odita shi ne ya sa maganar a gaban kwamiti a kowane zama, ya tambayi ranar da za a gama, har sai an gama.

Inda ya kamata idon odita ya tsaya shi ne layin da ke can wajen na arba'in: biyan kuɗin shansherar da nauyinta ko ingancinta bai kai yadda aka rubuta ba. Makinsa kafin kariya 20 ne, bayan kariya kuwa ya sauko 6, saboda manajan saye ya rubuta cewa akwai sikelin mota, akwai na'urar auna danshi, kuma mutum biyu ne suke sa hannu a kowace takarda. Tazarar maki 14 da ke tsakanin 20 da 6 gaba ɗayanta ta rataya ne a kan maganar mutumin da ake tsoron abin ya faru a sashensa, kuma ba wanda ya taɓa gwada ta. Hukumar daraktoci tana barci da minshari a kan wannan 6 ɗin. Idan ƙarya ce, ba su da wata hanyar sani sai ta bakin odita.

Ga yadda kuɗi suke zurarewa a nan. Ana sayen shanshera a kan danshin kashi 14 cikin ɗari. Wadda ta zo da ɗanyenta, a ce kashi 18, dole a rage wa mai kawowa nauyi, domin ruwa ne zai fita idan ta bushe. Lissafin shi ne 82 a raba da 86, wanda yake nuna cewa kashi 4.65 na nauyin zai tafi. Tirela mai tan 30 za ta rasa tan 1.4. Idan mai aunawa ya haɗa baki da mai kawowa ya rubuta 14 a maimakon 18 a mota ɗaya kacal cikin kowace goma, a shekara tan dubu biyu ke nan aka saya da ƙaryar danshi, kamfani ya biya kuɗin tan 93 na ruwa. A farashin naira dubu 400 kowane tan, asarar ta haura naira miliyan 37. Kuma takardu duk daidai suke, sa hannu biyu yana nan, hatimin odita ma yana kan baucar.

Gano irin wannan bayan kaka ta wuce yana da wuya. Idan kamfanin ya saba samun kilo 64 na shinkafa daga kilo 100 na shanshera, motar da aka yi wa ƙarya za ta ba da wajen 61, amma da an zuba ta cikin sauran, jimlar shekara ba za ta sauka da ko rabin kilo ba, kuma kowa zai ce ingancin noman bana ne. Saboda haka binciken sai a lokacin saye. Odita zai iso sikeli ba sanarwa, ya ɗebi samfurinsa daga sama da tsakiya da ƙasan lodi, ya auna da na'ura ta biyu da ba ta zama a hannun ma'aikatan sikeli. Zai sa a sake auna motar bayan an sauke ta, domin rage nauyin mota a takarda wata hanya ce ta ƙara nauyin kaya. Zai ɗauki littafin maigadi na bakin ƙofa ya gwada shi da takardun sikeli da baucocin biya, ya ga ko akwai motar da aka biya wadda maigadi bai ga shigarta ba. Zai nemi shaidar ranar da jami'an awo suka daidaita sikelin. Sannan ya zauna da alƙaluman shekara guda ya ware su bisa sunan mai kawowa. Mutumin da kayansa suke fitowa 14 cif kowane lokaci, har a makon da ake ruwan sama, shi ne abin tambaya. Wannan aiki ya cancanci kwana 45, mafi tsoka a tsarin.

Sai kuma abin da babu shi a rajistar kwata-kwata. Manajoji ne suka rubuta ta, kuma da wuya mutum ya rubuta kansa a matsayin haɗari. Ba za ka ga layin da ya ce babban darakta yakan ba da umarnin a ɗora wa wani dila kaya bashi fiye da iyakarsa ba. Ba za ka ga an rubuta cewa mai sikeli yana iya gyara nauyi a kwamfuta bayan an buga takarda ba, wataƙila ma saboda manajan bai sani ba. Irin waɗannan ana samunsu ne a wasu wurare: wasiƙar da oditocin waje suke bari bayan bincikensu, jerin basussukan da aka yafe, takardun neman diyya daga inshora, ƙorafin abokan ciniki, da sunayen ma'aikatan da suka shekara uku ba su tafi hutu ba. Ana samunsu kuma a hira. Shugaban ofishin zai zauna da kowane manaja rabin sa'a, amma ya ƙara da makanikin janareta da mai sito da direba, domin su suke ganin dizal yana tafiya a jarka.

Ninkin maki shi kansa yana da aibin da ya kamata a sani. Abin da yake faruwa kullum amma ɓarnarsa kaɗan ce, 5 sau 1, yana samun maki ɗaya da abin da da wuya ya faru amma idan ya faru ya rufe kamfanin, 1 sau 5. Fashewar tukunyar turara shinkafa da ɓatan fanko goma na buhu sai su zauna a layi ɗaya. Maganinsa shi ne duk abin da ya samu 5 a girman ɓarna a fitar da shi a duba shi daban, ko nawa ne jimlarsa. Kuma a rubuta ma'anar kowane maki da naira da kwanaki, a ce misali 5 na nufin asarar da ta haura miliyan 200 ko tsayawar injin fiye da mako biyu. In ba haka ba, 4 ɗin manajan saye da 4 ɗin akanta ba abu ɗaya suke nufi ba.

Raba kwanakin

Bayan wannan tankaɗe, shugaban ofishin zai tattara layukan 64 ya raba su a ƙarƙashin sassa 30, tunda ba a binciken haɗari shi kaɗai, ana binciken aikin da yake cikinsa ne. A kowane sashe zai tambayi yawan kuɗin da ke bi ta cikinsa, da yadda aka dogara ga kariyar da ba a gwada ba, da lokacin da aka bincike shi na ƙarshe da abin da aka gano, da ko an sauya manaja ko na'ura ko hanyar aiki kwanan nan. Ga abin da ya fito a kamfaninmu. Sayen shanshera kwana 45. Sito da yawan abin da injin yake fitarwa 35. Bashin diloli 35, haka ma bashin iri da taki na manoma 35, domin a nan ne sunayen manoman da babu su suke shiga. Dizal da kayan gyara 30. Albashin leburori masu aikin rana 25. Izinin shiga kwamfutar sikeli da ta lissafi 25. Sayen buhuna 20, sai kwana 5 ɗin bibiyar farashi. Jimla 255, ba ragi ba ƙari.

Na kwamfutar yana da tarnaƙi, domin babu ɗaya cikin ukun da ya ƙware a harkar. Za su iya duba abubuwa na fili, kamar ko wanda aka sallama bara har yanzu sunansa yana buɗe na'urar, ko mutum huɗu suna amfani da kalmar sirri ɗaya. Amma tabbatar da cewa ba a iya goge tarihin gyare-gyaren da aka yi a sikeli sai an ɗauko ƙwararre daga waje na ɗan kwanaki. Kuɗinsa ya shiga tsarin tun farko, in ba haka ba a rubuta cewa wannan ɓangare ba za a taɓa shi ba.

Jera ayyukan a kalanda ma yana bin yanayin kamfanin. Binciken saye a raba shi biyu, babban kason daga Oktoba zuwa Disamba lokacin da shansherar damina take shigowa da ɗanyenta, ƙaramin kuma lokacin girbin rani. Bashin manoma a duba shi lokacin rabon taki, sa'ad da ake iya zuwa gona a ga manomin da ido. Kada a sa wani bincike a sashen lissafi a watannin farko na shekara, lokacin da oditocin waje suka mamaye teburansu. A kuma tuna cewa ranar aiki a watan azumi ba ta kai ta sauran watanni ba.

Takardar abin da aka bari

Shafin da na fi ba muhimmanci a duk tsarin shi ne na sassa 22 da ba za a taɓa ba. Shugabannin ofis da yawa suna jin kunyar rubuta shi, kamar amsa gazawa ne, sai su cusa sassa ashirin a tsari, su ba kowanne kwana goma, su kawo rahotannin da ba su wuce saman ruwa ba. Wannan ya fi rashin binciken illa, domin kwamiti zai ɗauka an duba.

Cikin 22 ɗin, wasu akwai mai duba su. Oditocin waje suna daidaita asusun banki suna duba haraji. Hukumar kula da ingancin abinci da magunguna tana da nata binciken a kan abin da ake sayarwa, kamfanin inshora kuma yakan turo mai duba tukunya. Ana iya dogara da aikinsu, amma sai odita ya karanta rahoton da kansa, ya ga abin da suka duba da wanda suka tsallake, ya kuma tabbata mai binciken ba shi da wata alaƙa da wanda ya bincika. Wasu sassan ƙanana ne, sai a sa su a zagayen shekara uku ko huɗu, kuma daga kwanakin ajiya a riƙa faɗa wa ɗaya daga cikinsu ba zato, kwana uku kawai, don kada sashen motoci ya lissafa cewa yana da shekara uku ba mai leƙo shi. Bayan an cire waɗannan, a kamfaninmu akwai sassa biyar da makinsu yake da girma, ba mai duba su, kuma kwanaki ba su kai ba. Cikinsu har da kwangilar sufuri da sayar da dusa da gutsuren shinkafa, wanda yawancinsa da tsabar kuɗi ake yi.

Waɗannan biyar ɗin ba shugaban ofis ne zai ɗauki nauyin barinsu shi kaɗai ba. Zai kai su gaban shugaban kwamiti ya ce, “Ranka ya daɗe, ga abin da mutum uku za su iya, ga kuma biyar da suka rage. Idan aka ɗauke mana duba bauca aka mayar wa sashen lissafi, kwana 90 za su dawo, mu ƙara uku daga ciki. Idan aka ba mu ƙarin mutum ɗaya, mu yi duka. Idan ba ko ɗaya, muna so a rubuta a bayanin zama cewa kwamiti ya sani kuma ya amince a bar su bana.” Maganar ƙarin ma'aikata ta fi shiga kunne idan ta zo haka, da sunan sashen da adadin kwanakin, fiye da kukan da aka saba na cewa aiki ya yi yawa. Kwamiti yana da ikon ya zaɓi ɗaukar kasadar. Abin da bai kamata ba shi ne ya ɗauke ta bai sani ba.

Da an amince da tsarin, sai a riƙa sake dubansa duk wata uku, domin rajistar da aka cika a Nuwamba ba ta san abin da Fabrairu zai zo da shi ba. An ga haka a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira bayan sauya musu fasali. Kamfanonin da suka saba biyan manoma da leburori kuɗi a hannu sun koma tura kuɗi ta banki cikin 'yan makonni, diloli kuma suka koma nuna saƙon waya a matsayin shaidar biya. Haɗurran da suka taso sababbi ne: a tura kuɗin manoma goma asusun wakili ɗaya, ko a saki mota a kan saƙon bogi kafin kuɗin su shiga asusu. A irin wannan hali shugaban ofishinmu zai bukaci kamar kwana 25 don duba sabuwar hanyar biyan. Zai fara kallon kwanakin ajiya 75, amma idan farkon shekara ne ba zai cinye sulusinsu ba tun ba a je ko'ina ba. Sai ya cire sayen buhuna mai kwana 20, wanda shi ne mafi ƙarancin maki cikin takwas ɗin, ya ciko 5 daga ajiya, ya rubuta wa kwamiti sauyin da dalilinsa a zama na gaba. Sayen buhuna kuma ya koma cikin takardar abin da aka bari, ya zama na shida, a fara da shi idan aka zo tsara na baɗi.